Idan Fitsari Ya Ɗauke: Gargaɗi Kan Maganin Gora da Ƙoda

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah gafarta Malam Liman, iyayenmu maza da mata, matasa, da 'yan'uwanmu masu maganin gargajiya da na hango a zaune can gefe, na gode da kuka amsa kira. Wanda ya fi jin Gwari ko Nufanci, don Allah na kusa da shi ya riƙa mayar masa, domin maganar yau ba ta jira.

A kan ƙoda zan yi magana, da kuma ruwan maganin da ake sayarwa a gora. Zafi ya shigo, kuma kun san Minna a watan Maris da Afrilu, rana kan kai maki 40 ko kusa da haka. A irin wannan lokaci ne ake kawo mana mutane asibiti fitsarinsu ya ɗauke, ƙafa ta kumbura, suna amai, kuma idan aka bi sawu sai a tarar kwana uku ko huɗu da suka wuce sun sha wani jiƙo. Da yawansu ba tsofaffi ba ne. Magidanta ne masu ƙarfi, masu keke da 'yan acaɓa da lebura da manoma.

Kada wani ya ce ma'aikacin asibiti ya zo zagin gadon iyaye. Maganin maleriya da muke ba ku a asibiti yau, tushensa ganye ne, dangin tazargade, kuma matar da ta ciro sinadarinsa, Tu Youyou ta ƙasar Sin, ta sami lambar Nobel a 2015. A Idu, nan Abuja kusa da mu, cibiyar NIPRD ta haɗa maganin sikila mai suna Niprisan daga wani haɗin gargajiya da ke ɗauke da kanumfari da masoro da karan dafi. Haka kuma maganin kwalba na kamfani ya taɓa kashe mana yara: ruwan maganin haƙori na My Pikin, a 2008 zuwa 2009, ya hallaka yara 84 a ƙasar nan, kuma ta ƙoda ya kashe su. Saboda haka ƙoda ba ruwanta da ko daga daji abu ya fito ko daga kamfani. Abin da ya dame ta shi ne me aka sha, nawa aka sha, kuma a wane hali jiki yake lokacin da aka sha.

Ƙoda guda biyu ce, a baya, ƙarƙashin haƙarƙari na ƙarshe, kowace ba ta wuce dunƙulen hannunka ba. A yini da kwana tana tace ruwan jini kusan lita 180, wato jarka tara ta masu ruwa mai cin lita 20. Kusan dukkansa tana mayar da shi cikin jiki, sai lita ɗaya zuwa biyu take fitarwa a matsayin fitsari, tare da dattin da ta tsamo. Duk abin da ka haɗiye, da zarar ya shiga jini sai ya ratsa ta, kuma yayin da take janye ruwa tana mayarwa, abin da ya rage a cikin ƙananan bututunta ƙara kauri yake yi. Shi ya sa gubar da sauran jiki zai iya jurewa, ita takan ƙone ta. Kuma tana buƙatar jini ya riƙa kwararo mata babu yankewa. Kun san injin ban ruwa na fadama: idan ruwan rijiya ya ja baya aka bar shi yana aiki a bushe, ba ya daɗewa zai kama da zafi ya lalace. To haka take idan ruwan jiki ya ƙare.

Bari in zana muku irin mutumin da muke gani, ba tare da suna ba, domin labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Ku ɗauka magidanci ne mai shekara 45, yana tuƙa keke daga Kpakungu zuwa Mobil, daga Mobil zuwa Bosso, tun safe har dare. Yana da hawan jini, an ɗora shi a kan ƙwaya guda a haɗe, lisinofiril da mai sa fitsari, kuma yana sha, bai yi sakaci ba. Ranar Litinin ya tashi da zazzaɓi da ciwon baya da kasala. Abokansa a tasha suka ce ai taifod ne da basir suka haɗu. Da yamma mai mota da lasifika ya tsaya, ya sayi gora ɗaya ta ruwa baƙi mai ɗaci, aka ce ya sha rabin kofi safe da yamma. Wane kofi? Ba wanda ya faɗa. Shi ya ɗauki kofin silba na shayi, kuma da yake yana so ya warke da wuri ya koma aiki, ya cika shi.

Daren nan ya yi ta zagayawa, gudawa kamar famfo. Nan ne kuskure na farko yake, kuma shi ne wanda na fi so ku riƙe. Da safe ya gaya wa matarsa cewa maganin yana aiki, datti yana fita. Jama'a, ba datti ba ne. Ruwan jikinsa ne da gishirin jininsa suke zuba. Akwai tsirrai irin su filasko da danginsa da aikinsu ke nan, su tsokane hanji ya zubar da ruwa, kuma mai haɗa gora ya sani cewa idan mutum ya ga gudawa zai yarda magani mai ƙarfi ne, ya dawo ya ƙara saye. Ko lafiyayye ka ba shi, gudawar zai yi. Wane datti ne a cikinsa?

Ranar Talata ya ƙara sha, ya fita aiki cikin rana, yana gumi, bai sha ruwa sosai ba don kada ya riƙa tsayawa. Ciwon bayan bai tafi ba, sai ya biya kemis aka ba shi haɗi, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle cikin leda, a cikinsu akwai dikulofenak. Wannan shi ne kuskure na biyu. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ƙoda tana da dabarar kare kanta: tana buɗe jijiyar da ke shigo mata da jini, ta ɗan matse wadda ke fita da shi, domin tacewa ta ci gaba. Dikulofenak da ibufurofen da danginsu suna hana buɗe ta shiga. Lisinofiril yana hana matse ta fita. Mai sa fitsari kuma yana ƙara zubar da ɗan ruwan da ya rage. Kowannensu shi kaɗai, a jikin da ke da ruwa, magani ne mai amfani. Amma ukun a tare, a kan gudawa da zafin rana, sun tsare wa ƙoda duk hanyoyin tsira. Ga kuma abin da ke cikin gorar, wanda babu wanda ya san ko mene ne.

Ranar Laraba ya yi fitsari sau ɗaya, kaɗan, ja kamar shayin da ba madara. Bai damu ba, ya ce ai zafi ne. Ranar Alhamis bai yi ba sam. Ga tashin zuciya, ga shaƙuwa da ta ƙi tsayawa, bakinsa yana ɗanɗanon ƙarfe. Sai aka ce cutar ce ta yi ƙarfi, a ƙaro gora ta biyu. Ranar Asabar, da fuska ta kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya idan ya kwanta, ya fara magana ba kan gado, sannan aka ɗauko shi.

A asibiti akwai gwajin jini da za ku ga an rubuta E/U/Cr a takarda. Yana auna dattin da ƙoda ya kamata ta fitar, musamman wani da ake kira kiriyatinin. A lafiyayyen namiji yawanci bai wuce 110 ba a ma'aunin da ɗakunan gwajinmu suka fi amfani da shi. Irin wannan mutum za ka tarar nasa ya haura 600 ko 800. Gwajin yana kuma nuna wani gishiri mai suna fotasiyam, wanda idan ya taru a jini yakan tsayar da zuciya farat ɗaya, mutum yana zaune yana magana. A wannan mataki ƙarin ruwa kaɗai ba ya isa, har ma yana iya cika masa huhu. Sai wankin ƙoda, a tura shi inda injin yake, kamar Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, a saka masa bututu a wuya ko a cinya, a jona shi na wasu sa'o'i, a sake bayan kwana ɗaya ko biyu. Kowane zama kuɗinsa dubbai ne masu yawa, ya fi abin da keke ke kawowa a mako. Kuma abin takaici, sau da yawa idan aka ɗiga jininsa a kan ɗan gwajin maleriya, wanda ba ya wuce minti 20, sai a ga maleriya ce tun farko. Maganin kwana uku ne ya kamace shi.

Yanzu ku koma ranar Laraba, ranar da fitsari ya ragu. Da a ranar ya ajiye gora, ya ajiye haɗin kemis, ya zo asibiti, da abin da za a yi masa shi ne a dakatar da ƙwayar hawan jinin na 'yan kwanaki, a ɗaura masa ruwa, a yi maganin maleriyar, a riƙa auna fitsarinsa. Mafi yawan irin wannan, ƙodar takan farfaɗo cikin kwanaki. Ciwon ƙoda na farat ɗaya yana warkewa idan an tare shi da wuri. Idan aka bar shi ya daɗe, naman ƙodar yakan mutu, wani ya dawo a hankali cikin makonni, wani kuma ba ya dawowa, sai mutum ya koma wanki sau biyu ko uku a mako har ƙarshen rayuwarsa, ko dashe. Tsakanin Laraba da Asabar, kwana uku ne kacal.

To yaya za ka gane? Kada ka jira ciwo. Ƙoda takan lalace ba tare da ta yi ciwo ba, kuma yawancin ciwon bayan da mutane ke cewa ƙoda ce, tsoka ce da ƙashi. Fitsari za ka duba. Ledar fiya wata guda rabin lita ce. Idan babban mutum ya yi yini da kwana bai yi fitsarin da zai cika leda ɗaya ba, wannan gaggawa ce, kamar haɗarin mota. Idan kana shakka, sami gora marar komai ka riƙa yi a ciki daga asuba zuwa asuba, ka gani da idonka. Fitsari mai duhu kamar zoɓo ko lemon kwalba baƙi, ko mai kumfa da ba ta kwanciya, ko kumburin fatar ido da safe, ko ƙafar da ka danna da yatsa ramin ya zauna, duk waɗannan bayan shan magani suna nufin ka tashi yanzu. Ga yaro ƙarami, idan ya wuce sa'a takwas bai jiƙa zani ko famfas ba, musamman yana gudawa, kada a kwana da shi a gida. Idan ido ya yi rawaya, sau da yawa hanta ce ta taɓu, ita ma asibiti ne, kada a ce shawara ce a ƙara masa jiƙo a kan jiƙo.

Wani zai ce, kakata ta sha sassaƙen maɗaci da ganyen sabara har ta kai shekara casa'in. Gaskiya ne, kuma Allah ya ji ƙanta. Amma ka tuna yadda ta sha. Ita ta san bishiyar, ta san wanda ya saro, abu guda ne ko biyu a tukunya, ta sha kwana biyu ta bari. Ba ta haɗa shi da dikulofenak ba, domin babu shi a ƙauyen. Gorar da ake sayarwa a bakin Kasuwar Kure ko a tasha wani abu ne daban. Itatuwa nawa ne a ciki? An tafasa na minti goma ko an bar shi ya ƙafe har ya yi kauri? Saiwar damina ce ko ta rani? Ta yau da ta makon jiya ba ƙarfinsu ɗaya ba, ko da mutum ɗaya ne ya haɗa. Gorar kanta daga ina aka tsinto ta, me aka taɓa zubawa a ciki? Kwana nawa ta yi a bayan mota cikin rana? Sannan akwai masu son zuciya da ke niƙa ƙwayar asibiti su zuba, maganin ciwon jiki ko irin wanda ke sa ƙiba da kumburin fuska, domin mai saye ya ji sauƙi nan take. Idan ka sha jiƙo ciwon gwiwa na shekara biyar ya ɗauke cikin sa'a guda, ka yi zargi. Mai irin wannan gora, idan ya je kemis ya ƙara haɗi, ya sha ƙwaya ɗaya ninki biyu bai sani ba.

Akwai kuma tsiron da shi kansa guba ne ga ƙoda, ko an yi shi da tsafta. A nan ina roƙon masu magani su saurara da kyau. A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata ƙwayoyin da aka haɗa da saiwar Sin. Wajen sayo saiwar aka yi musaya, aka kawo wata mai kama da ita a suna. Mata kusan ɗari suka sami ciwon ƙoda, da yawa suka ƙare a wanki ko dashe, daga baya wasunsu suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Wannan a Turai ne, a hannun likitoci, da ma'auni da komai. 'Yar'uwar wannan saiwa tana nan a dazuzzukanmu, ita ce wadda ake kira dumar dutse, wasu kuma maɗacin ƙasa, ana ba da ita don ciwon ciki da tsutsa da saran maciji. Gubarta ba ta nuna kanta ranar da aka sha. A hankali take cin ƙoda, wata da watanni, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ƙasashe da yawa sun haramta duk maganin da ke ɗauke da ita. Ni a ganina babu ciwon cikin da ya kai a ba mutum ita, kuma ina roƙonku ku cire ta daga haɗinku.

Sai maganar lamba. Mai lasifika zai ɗaga kwalba ya ce, ga lambar NAFDAC, gwamnati ta amince. Ku duba lambar da kyau. Yawancin magungunan gargajiya lambarsu tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an saka shi a jerin wucin gadi bayan an duba samfurin da aka kai, na ɗan lokaci ne, sai an sabunta. Ba ta nufin an gwada an ga yana warkar da cututtukan da aka jera a jikinsa ba, kuma a kan takardar da kanta, da ƙananan haruffan Turanci, akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance waɗannan iƙirari ba. Da yawanku kun san maganin Baban Aisha, wanda aka yi ta sayarwa a Kaduna da Abuja da garuruwan da ke tsakani. A 2023 'yan jaridar Premium Times da Dubawa suka kai shi ɗakin gwaji, aka ba dabbobi, aka ga ya ɓata musu ƙoda da hanta, kuma aka gano rajistarsa ta daɗe da ƙarewa alhali lambar tana nan a jikin kwalba. Bayan haka NAFDAC ta rufe wurin haɗa shi a Kaduna, ta sa a kwashe shi daga kasuwa. Mutane nawa suka sha kafin nan? Kuma dai a dokar hukumar, tallar magani a titi da tasha da cikin mota haramun ne, ko na gargajiya ko na asibiti. Wanda ya sayar maka yau a Tunga, gobe yana Bida, jibi Kontagora. Idan fitsarinka ya ɗauke, wa za ka tambaya me ya zuba?

Akwai mutanen da zan ce musu kai tsaye, kada ku sha jiƙon da ba ku san abin da ke ciki ba, ko wa ya ba ku. Na farko masu ciwon suga da masu hawan jini, domin waɗannan cututtuka biyu su ne kan gaba wajen cin ƙoda a hankali, kuma mai su zai iya rasa rabin ƙarfin ƙodarsa yana yawo bai sani ba. Ɗan abin da ya rage masa shi ne gora za ta ƙarasa. Mai suga yana da ƙarin haɗari: idan ƙoda ta tsaya, wasu ƙwayoyin suga irin su gilibenkilamaid ba sa fita daga jiki, sai suga ya faɗi ƙasa warwas, mutum ya yi gumi ya suma, a ce aljanu ne. Idan mai shan maganin suga ya fara rawar jiki da gumi da ruɗewa, kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari a kawo shi. Kuma masu hawan jini, ku yi hattara da kanwa. Gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma ana zuba ta a jiƙo da yawa don itace ya saki launi.

Sai masu ciki, da tsofaffi, da masu sikila. Sai jarirai. Iyayena mata, ku yi mini haƙuri a kan wannan, na san dauri al'ada ce, kuma na san sau da yawa ba uwar jariri ke da ta cewa ba, kaka ce. Hajiya, ƙodar jariri ba ta gama nuna ba, cokali guda a wurinsa kofi ne a wurinki. Daga haihuwa zuwa wata shida nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, ko a wannan zafi. Ke uwa ki sha ruwa da yawa ki ba shi nono.

Wanda kuma ba ya cikin waɗannan, lafiyayye ne, yana son ya sha na gida, ga yadda nake ba da shawara. A fara sanin cutar. Zazzaɓi dai a gwada jini kafin komai, a asibitin sha-ka-tafi na unguwa ma ana yi. Idan mura ce ko ɗan kumburin ciki, citta da kanumfari da lemon tsami da zuma ba su taɓa kawo mana kowa ba. Idan ganye ne, ya zama guda ɗaya wanda ka sani da idonka, ka wanke, ka dafa da kanka da ruwa mai tsafta, ka sha kaɗan, abin da ya kwana ka zubar. Kada ka sha shi rana ɗaya da haɗin kemis. Idan dole sai ka sha maganin ciwon jiki, farasitamol ya fi sauƙi ga ƙoda, ƙwaya biyu ga babba, kada a wuce sau huɗu a yini da kwana, kuma ban da mai ciwon hanta ko wanda idonsa ya yi rawaya. Kada ka sha mai sa gudawa kana azumi, ko za ka fita aikin rana. Idan kwana biyu suka wuce babu sauƙi, ka bari haka nan, kada ka ƙara yawan abin da kake sha.

Idan kuma an riga an sha, gudawa ko amai ya fara, a ajiye gorar nan take. A haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙullin da ake sayarwa a kemis guda ɗaya a cikin lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu. Idan babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri, a lita ɗaya. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ba tsayawa. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya zo a ranar, a gaya masa wanda zai dakatar da wanda zai ci gaba da shi, kada ya yanke wa kansa. Amma ku lura da wannan iyaka: idan fitsari ya riga ya ɗauke kuma jiki ya kumbura ko numfashi yana wuya, kada a ɗura masa ruwa don a tilasta fitsari ya zo, kada a ba shi kanwa ko wani jiƙon wankin mara. Ruwan ba shi da hanyar fita, huhu zai tafi. A kawo shi Babban Asibitin Minna ko asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne. Kuma kada a tsaya kemis a yi masa allurar taifod a hanya. Ɗaya daga cikin waɗanda ake yi, jantamaisin, ita kanta tana taɓa ƙoda.

Ku zo da gorar. Ku zo da ledar haɗin kemis, da kwalin maganin hawan jini, da saiwar idan akwai saura. Na san dalilin da ya sa ake ɓoyewa: ana tsoron faɗan nas. Mu ma'aikata muna da laifi a nan, wasunmu suna yi wa mutane tsawa har su gwammace su yi shiru. Amma ko an ɗaure muku fuska, ku faɗa. Likitan da bai san ka sha jiƙo ba zai iya rubuta maka maganin da zai ƙara wa ƙodar nauyi, ko ya ɓata kwana guda yana neman abin da kai ka sani. Ka ce masa ga abin da na sha, ga ranar da na fara, ga kofin da na yi amfani da shi, ga lokacin da na yi fitsari na ƙarshe.

'Yan'uwana masu magani na gado, waɗanda kuke zaune a unguwa aka san gidajenku, ba ku ne masu lasifika ba, kuma mutane suna zuwa wurinku kafin su zo wurinmu. Tambaya uku nake roƙon ku yi wa duk wanda ya zo: kana da suga ko hawan jini, kana shan wata ƙwaya, yaya fitsarinka? Idan mace ce, ko tana da ciki. Wanda ya ce fitsari ya ragu ko ƙafa ta kumbura, kada ku ba shi komai, ku turo shi. Ba za a ce kun kasa ba.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, abin da nake nema a wurinka shi ne idan motar lasifika ta tsaya a ƙofar masallaci ko bakin makaranta, a sami dattawan da za su ce ta wuce. Allah gafarta Malam, a taimaka a maimaita maganar ledar fiya wata bayan sallar Juma'a. Mun zo da na'urar auna jini da ta suga da tsinken gwajin fitsari, muna nan a ƙarƙashin rumfa har la'asar. Duk mai suga, da mai hawan jini, da wanda ya sha maganin gora a cikin makon nan, ya fara zuwa. Mata ta hannun dama, akwai ma'aikaciya mace da za ta duba ku.